Daga MLA zuwa APA: ka ƙirga kalmomi, ka bar layi

"Maigida, ɗalibar nan ta sashen Turanci ta dawo da memuwar ɗinta, wai malaminta ya ce a mai da tsarin ambaton littattafai daga MLA zuwa APA. Na gyara sunaye da shekaru duka. To maganganun da ta ciro daga littattafai fa, su ma sai an taɓa su?"

Sai an taɓa su mana, ɗana, nan ne ma aikin yake. Jawo kujera.

Tsarin biyu ba da mudu ɗaya suke awo ba. MLA layi yake dubawa: in maganar da aka ciro ta wuce layi huɗu a takardarka, sai a ware ta gefe ita kaɗai. APA kuwa kalmomi yake ƙirgawa, da zarar sun kai 40 an ware. A Times New Roman 12, layi huɗu kan ɗauki kalma hamsin da wani abu. Ka ga ke nan akwai maganganun da ke zaune lafiya cikin sakin layi a MLA, amma APA ba zai bar su nan ba. Su ne masu kai mutum ƙasa, don ido ba ya kama su. Tun da na buɗe shagon nan a Harobanda nake buga wa ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni takardu, kuma sau ɗaya da aka taɓa dawo mini da aiki cike da jan biro, a kan wannan ne. Har yau ina jin zafinsa.

Duba shafi na 23. Ka zaɓi maganar nan daga giyme zuwa giyme, ban da sunan marubuci, ka kalli ƙasan allo. Word ya ce 46. Layi uku da rabi ce kawai, amma dole ta fita. Ka sauke ta sabon layi, ka goge giyme na farko da na ƙarshe, ka shiga `Paragraphe` ka sa `Retrait gauche` a santimita 1,27. Kada ka tura ta da `Tab` ko da tazara, ranar da aka canza girman harafi duk sai ta wargaje. Tazarar layi kuma ta zama biyu, kamar sauran rubutun.

Yanzu aya. A gajeriyar magana, aya tana zuwa bayan baka: ka rufe giyme, ka sa `(Suna, 2015, p. 42)`, sannan aya. A wadda aka ware kuwa, aya tana ƙarshen maganar kanta, baka ta biyo baya, kuma ba a ƙara wata. Wannan duka tsarin biyu sun yarda da shi, amma da yake maganar ta sauya mazauni, ayarta ma sai ta tashi. Akwai kuma wata kalma a tsakiya mai giyme guda-guda, saboda da tana cikin wasu giyme. Tun da na wajen sun tafi, ka mai da nata bibbiyu kamar yadda suke a littafin asali.

Ɗigo uku ne nake so ka yi wa sannu. Yaranmu da Faransanci suka taso, hannunsu ya saba da `[...]` duk inda suka tsallake wani abu. APA ba ya sa baka a nan. Ɗigo uku ne da tazara gaba da baya, `. . .`, in an yanke cikin jimla ɗaya. In kuwa yankan ya haɗa ƙarshen wata jimla da wata, sai su zama huɗu, na farkon aya ce. A farkon magana ko ƙarshenta kuma ba a sa su don kawai an fara ɗauka daga tsakiya.

Na san hannunka na ƙaiƙayin `Ctrl+H` da `Remplacer tout`. Kada ka kuskura. Wani ɗigon na ɗalibar ne, wani kuma na marubucin ne da kansa, kamar inda mutum a labari ya fara magana ya yi shiru. In ka share su gaba ɗaya, ka sa wa marubuci abin da bai yi ba, kuma babu mai iya rarrabewa daga baya. Ka bi su ɗaya-ɗaya. Wanda ka yi shakka a kansa, ka shafa masa launin rawaya, in ta zo da la'asar ta buɗe littafin a gabanka ku duba tare.

Ka fara ajiye kwafin MLA ɗin da wani suna kafin ka taɓa komai. Sannan ka soma daga babi na biyu, can ne maganganun suka fi yawa.