Ina Fort Lamy ta shiga?

Tambaya: Malam, kakana kullum labarinsa yadda suka bi ta Fort Lamy zuwa aikin hajji, na duba taswira ban ga garin ba, aka ce min wai sunan aka canza. Me ke sa a canza wa gari suna?

Amsa: Garin na nan daram, shi ne N'Djamena babban birnin Chadi. A 1900 aka gwabza yaƙi a Kousseri tsakanin Faransawa da Rabeh, mayaƙin nan da ya ci Borno, Rabeh ya mutu, kwamandan Faransawan mai suna Lamy shi ma ya mutu a wurin, sai suka kafa sansani a tsallaken kogin Chari suka sa masa sunan mutuminsu. Ka ga tun asali sunan tambarin cin yaƙi ne.

To amma lura da wani abu, Chadi ta samu 'yancin kai a 1960, sunan kuwa sai 1973 aka cire shi, shekara 13 kenan ana mulkin kai ba wanda ya taɓa shi. Mutane na yawan cewa 'yancin kai ne ke kawo canjin suna, ni a ganina shi kaɗai baya isa, sai an samu shugaban da yake buƙatar abin a siyasance. Shugaban Chadi Tombalbaye a lokacin tawaye ya sha masa kai daga arewa, sai ya ɗauko salon shugaban Kongo Mobutu na komawa al'adun gargajiya, ya mayar da Fort Lamy N'Djamena, shi kansa ya yar da sunansa na François ya koma Ngarta. A can Kongo ma tun 1966 Mobutu ya mayar da Léopoldville Kinshasa. Inda ba wanda ya ga riba a ciki sunan zama yake abinsa, Port Harcourt har gobe sunan wani ministan Ingila Lewis Harcourt take ɗauke da shi, mu dai muka lanƙwasa shi ya zama Fatakwal.

Siyasa kuma tana iya kwance abin da ta ɗaura. St. Petersburg ta ƙasar Rasha ta zama Petrograd a 1914 saboda ana yaƙi da Jamus kuma sunan yana kama da Jamusanci, ta zama Leningrad a 1924 bayan mutuwar Lenin, a 1991 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a aka dawo da na farko.

Akwai kuma wanda ba canjin suna bane sam, rubutu ne kawai. Peking da Beijing suna ɗaya ne a rubutun Sinanci, tsarin rubuta shi da boko ne gwamnati ta sauya zuwa Pinyin, kamar dai Sokoto da Sakkwato. In kana son bambancewa ka tambaya, 'yan garin a bakinsu sun canza yadda suke kiransa? In basu canza ba, baƙi ne aka gyara wa rubutu. Na kakanka kam canji ne na gaske, N'Djamena za ka nema a taswirar, dab da iyakar Kamaru.