Ƙwarewar da za ka sa a sama a LinkedIn, da shaidar da ke jawo ciniki

Malam, barka da aiki. Ina sayen masara da waken soya a Giwa da Soba da Makarfi, ina kai wa masu haɗa abincin kaji a Kaduna, kuma ina so in samu kamfanonin Ibadan da Legas. Ƙanena ya buɗe mini shafi a LinkedIn, ya zuba mini ƙwarewa 24. Microsoft Word ce a sama da shaida 61, wato mutum 61 sun danna cewa na iya ta, sai Leadership da 48, yawanci daga abokan karatuna na ABU. Sourcing kuwa mutum 2 kacal suka danna mini. Wata takwas ke nan ba wanda ya neme ni. Wace zan sa a sama, kuma yawan shaidar yana da amfani?

Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Tudun Wada, Zariya

Alhaji, barka kadai, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Mu fara da mutumin da kake son ya kira ka. Jami'in sayayya ne a kamfanin abincin kaji, an ce masa ya nemo tan 300 na masara kafin ƙarshen wata, wato tirela 10, kowace da buhu 300 mai kilo 100. Idan ya buɗe shafinka a wayarsa, ba zai ga duk abin da ƙanenka ya zuba ba. A sashen Skills biyu ko uku na farko kawai ke fitowa, sauran suna ɓoye sai ya danna Show all, kuma mai gaggawa ba ya dannawa. To abin da ya gani shi ne mutumin da ya iya buga takarda a kwamfuta kuma ya iya shugabanci. Ba ko ɗaya da ke cika masa tirela, sai ya wuce. Kamar ka buɗe rumfar hatsi ne a kasuwar Sabon Gari, ka tura buhunan can ƙurya, ka baje takardar digirinka a bakin ƙofa.

Ka tambayi kanka, a kan wane aiki ake biyana kuɗi? Amsar ita ce za ta hau sama, ko da shaida 2 gare ta. Kai ana biyanka ne a kan abu uku. Ka san ƙauyen da kaya suke da ranar da kasuwarsa ke ci, ka iya tantance mai kyau, kuma kana isar da shi ƙofar kamfani a ranar da aka yi alkawari. A harshen da jami'in nan ke bincike da shi, su ne Sourcing da Quality Control da Logistics Management. Ka jera su haka. Idan kana rubuta suna za ka ga shafin yana kawo maka irinsa da ke cikin jerinsa, to ka zaɓi nasa, kada ka ƙirƙiro naka, domin da wannan kalmar ake nema. A cikin Skills ɗin akwai Reorder, da shi za ka ja su sama. A sashen About ma ana ba ka gurbi har 5 na manyan ƙwarewa, ka maimaita ukun nan, ka ƙara Agribusiness da Negotiation.

Sauran kuwa, shafin ya yarda mutum ya sa har 100, amma wannan ba umarni ba ne. Guda 10 zuwa 12 sun ishe ka. Sai dai ka yi hattara, duk ƙwarewar da ka goge, shaidunta sun tafi tare da ita. Don haka wadda kake shakka a kanta ka tura ta ƙasa kawai. Microsoft Word ɗin ni da zan so ka goge ta gaba ɗaya, na san 61 ɗin za ta yi maka zafi, amma ba ta taɓa sayar maka da ko mudu ɗaya ba.

Yanzu maganar shaida, kuma a nan nake so ka natsu. LinkedIn ya kawo wannan tsari a 2012, kuma tun daga lokacin rauninsa ɗaya ne: danna maɓallin Endorse ba ya cin ko daƙiƙa biyar, kuma ba a tabbatar da cewa mai dannawa ya taɓa ganin aikinka. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance cikin waɗanda kuka haɗu kai tsaye, masu alamar 1st kusa da sunansu. Masu sayayya sun san haka sarai. Shi ya sa wanda zai tura maka kuɗin tirela ba ya tsayawa a kan adadi, yana buɗewa ya ga su waye. Idan ya ga ɗalibai da malaman makaranta da 'yan uwa masu suna irin naka, ya gane abota ce. Idan ya ga manajan ma'ajiya na wani kamfani a Kaduna, da mai motocin dakon kaya, da wadda ke gwada hatsi a ɗakin gwaji, ya san waɗannan sun taɓa buhunka da hannunsu, kuma zai iya kiran ɗaya ya tambaya. Kai ma a Giwa haka kake yi. Idan baƙo ya zo neman kaya bashi, mutum hamsin su ce mutumin kirki ne ba zai sa ka ba shi ba, amma dillali guda da ka sani ya ce na tsaya masa, shi ke nan an loda.

Akwai kuma inda shaida ke rage wa mutum daraja. Mai lura yana gane ta musaya: mutanen nan dai guda goma sun danna kowace ƙwarewa daga sama har ƙasa, kai ma ka danna musu duka. Wannan yana sa a yi shakkar har ta gaskiyar. Kana da ikon ɓoye shaidar wanda ka ga dama ba tare da ka goge ƙwarewar ba, ka yi amfani da shi. Masu cewa ka biya su su tara maka shaidu kuwa, ko kusa da su kada ka je, shafunan bogi ne, kuma suna iya ja a rufe naka.

Ga yadda za ka gina ta gaske. Ka ɗauko littafin cinikinka na kakar bara, ka fitar da mutum 8 da kuka yi hulɗa ta kuɗi, ka haɗu da su a shafin. Lokacin roƙo shi ne ranar da kaya suka sauka lafiya, an auna danshin masara an samu bai wuce kashi 13 ko 14 cikin ɗari ba, ba ƙwaro, ba tsakuwa, an sa hannu a takarda. A ranar ka tura saƙo gajere: "Ranka ya daɗe, na gode da karɓar kayan nan. In ka gamsu da ingancinsu, don Allah ka shaide ni a kan Quality Control a shafina." Ka ambaci ƙwarewa ɗaya tak, wadda shi ya gani da idonsa. Mai mota ya shaidi Logistics Management, mai gwaji ya shaidi inganci. In 5 suka amsa cikin 8 ɗin, ka fi yadda kake a yau nesa ba kusa ba.

Daga cikinsu ka zaɓi biyu da suka fi yarda da kai, ka nemi su rubuta maka a sashen Recommendations, inda mutum ke rubuta magana da sunansa da muƙaminsa. Layi uku sun isa, muddin akwai adadi a ciki: tirela nawa ka kawo, a wane wata, da cewa ba a mayar da ko ɗaya ba. Sannan ka haɗa kowace ƙwarewa da aikin da ka rubuta a Experience, domin a ga inda ka yi ta. Ka gama duk wannan kafin sabuwar masara ta fara shigowa kasuwa wajen Oktoba, lokacin ne kamfanoni ke neman wanda zai tara musu kaya.