Tumatir ɗin bokiti da baƙin gindi

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Na dasa tumatir a bokitai a tsakar gida, ya yi ganye shar, ya fara 'ya'ya. Amma sai na ga gindin kowane ɗa ya yi baƙi ya lotsa ciki. Wane maganin feshi zan saya?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki adana kuɗinki, wannan ba ƙwaro ba ne, ba kuma cutar da ke yaɗuwa daga wani tushe zuwa wani ba ce, don haka feshi ba zai taɓa shi ba. Ni ma na sha wannan takaicin a gidana da ke Rijiyar Zaki, har na zata sharon ne, tsutsar nan da ta cinye tumatir ɗin Kura da Kadawa a 2016. Amma ita tsutsa huda take yi, za ki ga rami, ki ga ta yi zane a cikin ganye. Naki kuwa tabo ne busasshe kamar fata, kullum a gindin ɗan, wajen da fure ya faɗi.

Abin da ke faruwa, ɗan tumatir yana buƙatar sinadarin kalsiyam don ya gina tsokarsa, shi kuma kalsiyam ba ya hawa jikin shuka sai ta cikin ruwan da saiwa ta zuƙo. Ganye ya fi 'ya'ya jan ruwa, to ranar da ƙasa ta bushe ganye ne ke kwashe ɗan abin da ya samu, gindin ɗan tumatir, wanda ya fi ko'ina nisa da kara, ya tashi a tutar babu. Galibi sinadarin yana nan a cikin ƙasar, ruwan da zai ɗauke shi ne ke yankewa. Kuma tabon da kika gani yau, ƙishin da ya haddasa shi ya faru kwanaki da dama baya, tun ɗan yana ƙarami.

Yadda na gane: tushe 12 na dasa, 6 a bokitin fenti mai lita 10, 6 a jarka mai lita 25 da na yanke bakinta. Iri ɗaya ne, dogon nan da ake ce wa UTC, ƙasa ɗaya, taki ɗaya. Watan Maris ya kama, zafi ya sauko, ga shi ruwanmu sai mai garuwa ya zo. Ranar da ya zo in cika musu har ya malala, ranar da bai zo ba su kwana da yaushi. Na ƙananan bokitan, da ke jingine da katangar da rana ke duka tun azahar, kusan duk 'ya'yan farko sun lalace. Na jarka, 'yan ƙalilan ne. Ƙaramin mazubi a kan siminti, kafin la'asar ya bushe ƙayau.

Sai na canza hannu. Na ware jarkar ruwa ɗaya ta ban ruwan tumatir kawai, ko wanke-wanke ba a taɓa ta. Kowace safiya ina zuba wa kowane tushe a hankali har ruwa ya fara ɗiga ta hudar ƙasa, da la'asar in tura yatsa har gaɓa ta biyu, in na ji ba laima in ƙara. Ba yawan ruwan ba ne, rashin yankewarsa ne. In kika jiƙa ƙasa ta zama caɓi saiwa za ta shaƙe, matsalar ta dawo, don haka lallai mazubi ya zama da huda. Na rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa kaurin yatsu uku, na ɗora bokitan a kan katako, na ja su inda inuwa ke samunsu da rana tsaka. Waɗanda suka riga suka yi tabo na tsinke su, don ba sa warkewa. Furen da ya ƙulla bayan haka ya fito lafiya.

Wani kuskuren da na yi, kuma ina zarginsa a wajenki tunda kin ce ganye ya yi shar, shi ne yuriya. Ita da ɗanyen kashin kaji suna sa ganye ya yi ta tofo, ganyen kuma ya ƙara ƙwace ruwan. Da zarar fure ya fito ki dakatar da su.

Za a ce miki ki zuba ɓawon ƙwai. Ba laifi, amma yana ɗaukar watanni kafin ya narke, ba zai ceci wannan zubin ba. Ki daka shi lukui ki gauraya da ƙasar dashe na gaba. Kuma a dashen gaba kada mazubi ya gaza lita 20, tushe ɗaya a kowane. In kin samu irin ƙananan tumatir masu zagaye ki haɗa da su, dogayen sun fi saurin kamuwa.

Wanda tabonsa busasshe ne bai yi ruwa ko wari ba, ki yanke wajen, sauran ya shiga miya.