Tab, Durowa ko Sitak: Wanne Ya Dace da Manhajar Dillalin Shinkafa?

Tambaya: Ina sayar da shinkafa a Birnin Kebbi, ina sayen shanshera daga manoman Argungu da Suru. Na ba wani yaro aikin haɗa mini manhajar waya don ni da yaran shagona. Sassanta bakwai: Sayarwa, Sito, Bashi, Manoma, Rahoto, Saituna da Taimako. Ya ce in zaɓi yadda za a riƙa shiga sassan, tsakanin tab, durowa da sitak, kafin ya ci gaba. Wanne zan ce masa, kada in biya kuɗin gyara daga baya?

Amsa: Alhaji, ka ce masa tab, guda huɗu. Amma sai ka fara rage lissafin nan, domin ba duka bakwai ɗin ne manyan sassa ba.

Babban sashe shi ne wanda yaron shago zai buɗe kai tsaye, sau da yawa a yini, ba tare da ya bi ta wani ba. Sayarwa, Sito da Bashi sun cika wannan sharaɗi. Rahoto kai ne mai duba shi kowace yamma, don haka ya shiga. Manoma kuwa, abin da ke tsakaninku galibi kuɗin da ka ba su ne kafin girbi, ko cikon da suke bin ka, ka ga ke nan wurinsu cikin Bashi ne. Saituna da Taimako ba a taɓa su sai jefi-jefi, a maƙala su a ƙaramar alama can saman allo. Saura huɗu.

Tab su ne maɓallan nan da ke jere a ƙasan allo, kullum ido na ganinsu, babban yatsa na kai musu. Ƙa'idar da Google ya shimfiɗa wa manhajojin Android ita ce a yi amfani da su idan sassa uku ne zuwa biyar. Dalilin lissafi ne. Yawancin ƙananan wayoyi faɗin allonsu kusan 360 ne a ma'aunin dp, wanda masu haɗa manhaja ke auna allo da shi. Ka raba huɗu, kowane maɓalli ya samu 90. Ka raba bakwai, ya koma 51, alhali mafi ƙarancin wurin da ake so yatsa ya taɓa 48 ne. Yatsa zai shiga da ƙyar, sunan sashen kuma a guntule, ko a cire shi a bar hoto kawai, sabon yaro ya tsaya yana canki-canki alhali mai saye na jira.

Durowa ita ce jerin da ke ɓoye a gefe, sai an taɓa layuka ukun nan na sama, ko an ja yatsa daga gefen allo, take fitowa. Tana ɗaukar sassa shida, takwas, har fiye, shi ya sa masu haɗa manhaja ke son ta: ba sai sun yi gardama da mai kaya kan abin da za a rage ba. Amma kowane sauyin sashe taɓawa biyu ne maimakon ɗaya, kuma abin da ba a gani ana mantawa da shi. Idan Bashi na cikin durowa, wata rana za a ba mutum buhu goma ba a duba tsohon bashinsa ba. Ga kuma wata matsala: tun daga Android 10 na 2019, jan yatsa daga gefen allo na iya zama komawa baya, sai ya riƙa karo da buɗe durowar. Ka bar ta sai ranar da sassan yau da kullum suka haura biyar da gaske, misali ka ƙara injin casa da motocin dako.

Sitak ba kishiyar tab ba ce. Shafi ne kan shafi, kamar jibgin buhuna a sito: na ƙarshen ɗorawa shi ake fara saukewa. Ita kaɗai ta wadatar idan aikin manhaja guda ne, kamar ta yin oda kawai. A manhajarka, cikin kowane tab za ta zauna: Bashi, sai sunan mutum, sai rasit ɗinsa, maɓallin baya ya dawo da kai mataki-mataki.

Nan ne aiki ya fi lalacewa, don haka ka gwada da hannunka kafin ka biya kaso na gaba. Ka fara rubuta cinikin buhu 20 a Sayarwa, kada ka kammala, ka tsallaka Bashi ka duba sunan mai sayen, ka dawo. Idan ka tarar da 20 ɗin nan tana nan, kowane tab na riƙe da sitak ɗinsa. Idan shafin ya koma fanko, mai haɗa manhajar bai gama ba, kuma gyaran a wuyansa yake. Ka sa a rubuta wannan sharaɗi da sunayen tab huɗun a takardar yarjejeniya, domin sauya tsarin bayan an gina shafuka yakan taɓa kusan kowannensu, kuma sabon kuɗi zai nema.