Tsohon hannun gem ya ƙi aiki a GTA V: yadda ake saita shi da x360ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohon hannun gem na USB, irin mai lamba 1, 2, 3, 4 a kan madannai. Yana yi min aiki a tsofaffin wasannin ƙwallo, amma a GTA V na kwamfuta ko motsi ba ya yi. Ya lalace ne, ko da yadda zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da wuya a ce ya lalace. Irin waɗannan hannaye da tsohon tsarin Windows mai suna DirectInput suke magana, shi kuwa GTA V, XInput kaɗai yake saurare, wato tsarin hannun Xbox 360. Tafinta ake sa musu a tsakani, kuma aikin manhajar x360ce ke nan: ta karɓi abin da ka danna, ta miƙa wa wasan da sunan A, B, X ko Y.

Fara gwada hannun tukuna. Danna Windows da R, ka rubuta `joy.cpl`, ka zaɓi hannun, ka shiga `Properties`. Duk madannin da ka taɓa ya kamata lambarsa ta kama. Idan a nan ma shiru ne, duba waya ko ramin USB, don babu manhajar da za ta gyara wannan.

Kafin ka ci gaba, danna `ANALOG` da ke tsakiyar hannun har jar fitila ta kama. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. In fitilar a kashe take, sandar dama kan rikiɗe ta koma madannai 1 zuwa 4, kibiyoyi kuma su ɗauki aikin sandar hagu, sai duk saitin da ka yi ya tashi a banza.

Sauke x360ce sigar 3 daga shafinta na asali. Iri biyu ce, ta 32-bit da ta 64-bit, kuma wasan ake dubawa wajen zaɓe, ba Windows ɗinka ba. GTA V 64-bit ne, don haka `x360ce_x64.exe` za ka ɗauka, ka ajiye a foldar da `GTA5.exe` yake. Da ka buɗe ta za ta nemi ƙirƙirar `xinput1_3.dll`, sai ka danna `Create`. Wannan fayil ɗin shi ne tafintan, domin wasan kan fara lalubo shi a foldarsa kafin ya je ga na Windows.

A shafin `Controller 1`, kowane madannin Xbox yana da akwatin zaɓi. Buɗe na A, zaɓi `Record`, sannan ka danna madannin da kake so. Bi mazaunin madanni, kar lamba ta ruɗe ka: a yawancin waɗannan hannaye na ƙasa shi ne 3, shi za ka ba A, na dama 2 ya zama B, na hagu 4 ya zama X, na sama 1 ya zama Y. Na kafaɗa lambobinsu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa kwafo saitin wani bai cika yin daidai ba.

Sandar dama ce mai ba da wahala. In ka tura ta sama kyamara ta juya gefe, layukanta biyu sun musanya, sai ka sake `Record` ɗin kowanne kana tura sandar ɓangare guda kawai. In kuma sama ta koma ƙasa, canja zaɓin, misali daga `Axis 3` zuwa `IAxis 3`. Idan mutuminka na tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba, sandar ta saki saboda tsufa. Ɗaga `Dead Zone` kaɗan-kaɗan har ya tsaya. Danna `Save`, rufe manhajar, sannan ka kunna wasan.

In wani wasan ya yi biris da saitin, galibi sunan fayil ne bai dace ba. Wasu `xinput1_4.dll` suke nema, wasu `xinput9_1_0.dll`. Kwafi fayil ɗin ka sauya masa suna. Sigar 4 kuwa ba a sa ta a foldar wasa. Hannun Xbox na bogi take ƙirƙira ta hanyar direban ViGEmBus, kuma dole ta zauna a kunne yayin wasa. Idan dannawa ɗaya ta zama biyu, wasan yana ganin hannaye biyu ne, sai a ɓoye na ainihin da HidHide.

Abu biyu ka sani. L2 da R2 na irin hannunka galibi kunnawa da kashewa kawai suka iya, don haka totur ɗin mota ko dai a ƙure ko a sake, manhaja ba za ta ba ka tsaka-tsaki ba. Sannan ka tsaya a `Story Mode`: manhajojin kama masu maguɗi na iya zargin baƙon fayil a foldar wasa, don haka cire `xinput1_3.dll` kafin ka shiga GTA Online.