Ragowar kuɗin ɗawainiyar masana'anta a ƙarshen shekara

"Kuɗin ɗawainiyar da muka ɗora wa kaya naira miliyan 9 ne, amma ainihin abin da muka kashe miliyan 10, ya zan yi da miliyan ɗayan?"

Malam, ya danganta da girmansa. In bai taka kara ya karya ba, kawai ka zuba shi duka a asusun kuɗin kayan da aka sayar, riba ta ragu da miliyan ɗaya shikenan. Amma in sito cike yake da kaya gara ka raba, misali kashi 70 cikin ɗari na ɗawainiyar yana kayan da aka sayar, 20 a waɗanda aka gama, 10 a waɗanda ake kan yi, to dubu 700 ne kaɗai zai ci ribar bana, dubu 300 ya zauna a kaya sai an sayar. Da ɗorawar ce ta zarce, ragewa za kai maimakon ƙari.