Bitamin D a jinin mai ciwon ƙoda

Wata ta tambaya daga Zinder: "Babana na da ciwon ƙoda, likita ya ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa. Ta yaya, ga rana?"

'Yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Fata na haɗa bitamin D da hasken rana, amma ɗanye ne, sai ya bi ta hanta, ƙoda ta ƙarasa shi. Idan ƙoda ta gaza, hanji ba ya tsotsar kalsiyam sosai, fosfet kuma ya taru a jini. Sai ƙananan ƙullutai huɗu da ke cikin wuya, a bayan tayiroyid, su yi ta sakin homon paratayiroyid, wato PTH, yana kwaso kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi ya yi rauni ya riƙa ciwo. 

Ku roƙi a auna kalsiyam, fosfet da PTH tare. Kada ku sayi bitamin D a kasuwa, likita ne zai zaɓi irin da ya dace.